Jinjina ga mai rubuta bayanan taro

A masana'antun fata na Challawa, taron manaja da wakilan ma'aikata kan ci awa uku. Sakatariya ce ke mayar da rubutaccen kwafin faifan taron zuwa shafi guda, kuma ta cancanci yabo.

Takan tsallake gaishe-gaishe da gardama, ta nemi inda aka ce "to, mun amince". Ƙorafin minti 40 kan ƙarancin safar hannu sai ya koma layi ɗaya: mai kula da sito zai raba sababbi kafin Juma'a. Idan an ce "za a duba" ba a ambaci kowa ba, takan koma wajen shugaban taro ta tambayi wane ne, kuma yaushe, domin aikin da ba shi da mai shi, taro na gaba zai tarar da shi yadda aka bar shi.