Me Ya Sa Rawar Ke Tsalle-Tsalle a Allo?

Duk wanda ya saba kallon bidiyon biki da na waƙoƙi da ake haɗawa a situdiyoyin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, har zuwa Titin Gidan Zu, ya san wannan aibin: kaya sun yi kyau, amma da mai rawa ta juya sai motsinta ya riƙa yankewa. Akan ɗora wa kyamara laifi, alhali saitin shata ne.

Kyamara hotuna take ɗauka a jere. In an sa ta a 25p, hoto 25 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Kusurwar shata kuwa ita ke faɗin tsawon lokacin da kowane hoto zai sha haske. Digiri 360 shi ne dukan lokacin, 180 rabinsa, wato 1/50 na daƙiƙa. A wannan ɗan lokacin hannun mai rawa yana tafiya, sai ya bar ɗan dishi-dishi a bayansa, kuma dishin nan ne ke haɗe hoto da hoto har ido ya ga motsi sumul.

Ranar Kano ce ke ɓata lissafin. Da azahar haske ya yi yawa, sai mai ɗauka ya murɗa shata zuwa 1/800. Haske ya daidaita kam, amma kusurwa ta faɗo kusan digiri 11. Tsayar da bidiyon ka duba: kowane yatsa ya fito tar, ba dishi ko kaɗan. Maganinsa gilashin ND16, mai rage haske ninki 16, daidai tazarar da ke tsakanin 1/800 da 1/50. Ba wai ƙaramar kusurwa haramun ba ce. A fim ɗin Saving Private Ryan na 1998 da gangan aka sauka zuwa digiri 90 da 45 don a ji firgicin yaƙi. To amma kamun amarya ba fagen fama ba ne.

Cikin ɗaki kuma da wutar lantarki ake fama. Tamu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa na ƙiftawa sau 100. Shi ya sa 30p, saitin da wayoyi suka fi zuwa da shi, in an haɗa shi da 1/60 yake jawo ratsi yana yawo a allo. In dole sai 24p don silima, a sa digiri 172.8, ya ba da 1/50. Janareta kuwa ba kullum yake tsayawa a kan 50 ba, don haka a gwada kafin 'yan wasa su shigo.

A ganina, shiri mai dogon zango da hira su zauna a 25p da 1/50, tunda talabijin ɗinmu a kan 25 yake. Rawar da za a sassauta wajen tacewa a ɗauke ta a 50p da 1/100, sai dai a ninka fitila, don kowane hoto rabin haske yake samu.