Auren Uwa da Haƙƙin Rainon Yaro: Sharhi a kan Yadda Ake Auna Maslaha a Kotunan Shari'a

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Daga cikin shari'o'in da suke yawan biyo bayan saki akwai wadda kusan fasalinta ɗaya ne a ko'ina: uwa ta kai ƙara tana neman kuɗin ciyar da 'ya'yanta, uba ya amsa da cewa ai ta yi aure, a ba shi 'ya'yansa ya ciyar da su a gidansa. Wasu alƙalan ƙananan kotuna sukan ɗauki wannan amsa a matsayin ƙarshen magana. Wannan sharhi yana ganin cewa irin wannan hukunci ya saɓa wa littattafan Malikiyya da ake jingina shi gare su, musamman Mukhtasar na Shaihu Khalil, kuma ya tsallake abin da aka gina babin a kansa, wato maslahar yaro.

Asalin hukuncin da iyakarsa

Raino, wanda malaman fiƙihu suke kira hadana, haƙƙin uwa ne tun farko. A mazhabar Malik yana zarcewa har namiji ya balaga, mace kuwa har ta tare a gidan mijinta. Al'adar karɓe yaro da zarar an yaye shi, bisa cewa 'ya'ya na uba ne, ba ta da madogara a mazhabar. Abin da uba yake da shi yayin da yaro yake hannun uwa shi ne walicci: ya bibiyi halinsa, ya ladabtar da shi, ya sa shi makaranta.

Faɗuwar haƙƙin uwa saboda aure ta samo asali daga hadisin Abdullahi ɗan Amru da Abu Dawuda ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya fifita wata mata a kan tsohon mijinta matuƙar ba ta yi aure ba. Dalilin da malamai suka fahimta shi ne hidimar sabon miji kan shagaltar da ita, kuma baƙon namiji ba lallai ya tausaya wa agola ba. Hukunci ne da aka sanya don kare yaro. Shi ya sa Bukhari ya ruwaito cewa an miƙa 'yar Hamza ga gidan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib saboda matarsa 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce, alhali tana da aure. Auren bai hana ta ba, domin mijin nata ɗan'uwan yarinyar ne.

A kan wannan fahimta Khalil ya jero yanayin da aure ba ya kayar da haƙƙin uwa. Daga ciki: idan wanda raino zai koma hannunsa ya san da auren ya yi shiru har shekara guda, idan sabon mijin muharramin yaron ne ko waliyyinsa, idan yaron ya ƙi yarda da kowa sai uwarsa, idan babu wani mai raino, ko akwai amma ba amintacce ba ne, ko gajiyayye ne. Alƙalin da ya karanta ƙa'idar ya rufe littafin kafin ya iso waɗannan togaciya ya yi hukunci da rabin nassi.

Misali a aikace

Mu ƙaddara wata mata da aka saka shekara 2 da suka wuce, tana riƙe da yarinya 'yar shekara 9 da yaro ɗan shekara 3. Ta sake aure wata 14 da suka wuce, uban yaran ya sani bai ce komai ba. Tun da aka rabu bai aiko da ko kwabo ba, ko da yake yana da wadata. Da ta kai ƙarar ciyarwa sai ya nemi a ba shi yaran. Kotu ta ba shi, ta kuma kori ƙararta.

Kuskure na farko shi ne rashin tambayar yaushe aka tare, kuma yaushe labari ya kai ga masu haƙƙi. Shirun wata 14 ba tare da uzuri ba ya wuce shekarar da aka iyakance. Lokacin da uban ya zaɓa ya yi magana ma abin lura ne: bai tuna da yaran ba sai ranar da aka nemi kuɗi a hannunsa.

Kuskure na biyu ya shafi jerin masu raino. Ko da haƙƙin uwa ya faɗi, ba uba ne yake biye da ita ba. A jerin Khalil, bayan uwa sai mahaifiyarta, sai kakarta, sai 'yar'uwar uwa, sai 'yar'uwar kakar, sannan kaka ta wajen uba, sannan uba. Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi jayayya da kakar ɗansa Asim ta wajen uwa, Sayyidina Abubakar ya yanke a bar mata yaron, Umar kuwa bai ja ba. Don haka wajibi ne kotu ta kira kakar yaran ta ji ta bakinta. Sharaɗin da aka gindaya mata shi ne kada ta kasance gida ɗaya da uwar da haƙƙinta ya faɗi, kuma kada tsufa ya hana ta hidima.

Kuskure na uku shi ne ɗaukar cancantar uba a matsayin abin da ba ya buƙatar bincike. An shar'anta wa namiji mai raino ya kasance yana da macen da za ta kula da yaro. Wannan sharaɗi yana nufin cewa wadda za ta riƙe ɗan shekara 3 a zahiri ita ce matar uba. Shin ta yarda? 'Ya'ya nawa take fama da su? Uban yana kwana a gari ko fatake ne? Idan hujjar karɓe yaro daga uwa ita ce tsoron baƙon namiji, adalci ya sa a auna baƙuwar mace da ma'auni guda. Game da yaron da ya ƙi kowa sai uwarsa kuwa, masu sharhi sun saɓa a kan ko wannan ya taƙaita ga mai shan nono ko ya haɗa da wanda aka yaye, kuma saɓanin ya bar wa alƙali damar ya ga yaron da idonsa kafin ya zaɓa.

Wannan binciken ba koyaushe yake ƙarewa da nasarar uwa ba. An shar'anta wa mai riƙon yarinyar da ake jin tsoro a kanta wurin zama mai tsaro. Mijin uwa yakan zama muharramin yarinya bayan ya sadu da mahaifiyarta, amma 'ya'yansa maza daga wata mata da ƙannensa ba muharramanta ba ne. Idan gidan haya ne mai cunkoso, ko aka tabbatar an cire yarinyar daga makaranta an ɗora mata talla, maslaha tana iya kai ta hannun kakarta. Ibnul Ƙayyim ya hakaito a Zadul Ma'ad labarin yaron da ya zaɓi ubansa domin yana barinsa ya yi wasa, uwarsa kuwa tana tura shi makaranta, sai alƙali ya ba uwar. Ma'aunin shi ne inda addinin yaro da lafiyarsa da karatunsa za su fi tsira.

Ciyarwa ba ta bin raino

Kuskure mafi muni a misalinmu shi ne korar ƙarar ciyarwa. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara da ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ sun ɗora nauyin a kan uba gwargwadon halinsa, ba tare da sharaɗin yaro ya kwana a gidansa ba. A Malikiyya mai raino ce take karɓar nafaƙar yaro, alƙali kuma yana ƙiyasta kason yaro na kuɗin muhalli. Uba ba shi da ikon cewa a turo su su ci a gidansa su koma.

Sai batun bashin baya. Ƙa'idar mazhaba ita ce nafaƙar ɗa tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai idan akwai hukuncin alƙali tun farko, ko kuma wanda ya ciyar bai yi da niyyar kyauta ba. Idan kotu ta ƙiyasta naira 30,000 a wata ga yaran biyu, wata 24 sun kama naira 720,000. Ko uwa za ta samu wannan kuɗi ya dogara ga tabbatar da cewa uban yana da hali a lokacin, da rantsuwarta cewa ta kashe ne da niyyar a biya ta. A nan kunya da kawaici suke cutar da mata, domin kalmar "na bar shi da Allah" da aka furta a gaban shaidu tana iya zama hujjar cewa ta yafe. Hanyar toshe wannan ƙofa ita ce kotun da ta tabbatar da saki ta yanke nafaƙar yara a zama ɗaya, ta rubuta adadi da ranar biya, ta kuma bar ƙofar sake ƙiyasi idan farashi ya sauya.

Inda ake buƙatar sabon nazari

Akwai wurin da shi kansa mashhurin mazhaba yake neman a sake dubawa. A wajen Malikiyya, uwar da haƙƙinta ya faɗi da aure ba ya dawo mata ko da auren ya mutu, saɓanin Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya. Tushen wannan shi ne tambayar da Ibnu Asim ya taɓo a Tuhfa: raino haƙƙin mai raino ne ko na yaro? Idan nata ne, aurenta tamkar sarayarwa ce. Idan na yaro ne, babu wanda ya isa ya sarayar masa. Ƙasar Maroko, wadda Malikiyya ce, ta ɗauki hanya ta biyu a dokar iyali ta 2004: raino yana dawowa idan abin da ya hana ya gushe, kuma auren uwa ba ya kayar da haƙƙinta idan yaro bai wuce shekara 7 ba ko rabuwa za ta cutar da shi. A al'ummar da bazawara takan yi aure don neman rufin asiri, sannan auren ya ƙare cikin watanni, dawwamar da rabuwarta da ɗanta hukunci ne da yaron yake biyan farashinsa.

Kammalawa

Sashe na 277 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin duba al'amuran iyali na Musulmi, har da waliccin ƙananan yara. Ya dace waɗannan kotuna su riƙa mayar da duk hukuncin rainon da bai nuna an bi jerin masu haƙƙi ba, an duba togaciyar aure, an binciki gidajen biyu, an kuma yanke nafaƙa daban. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta buɗe da fifita maslahar yaro, wasu kuma suna kallon wannan a matsayin baƙon ra'ayi. Wanda ya karanta babin hadana har ƙarshensa zai ga cewa hankali da amana da iyawa da tsaron muhalli da aka shar'anta duk ma'aunan maslaha ne, kuma alƙalin da ya yi aiki da su yana cikin mazhabarsa. Allah ne Mafi sani.