Jan Alƙalami da Katsalandan ɗin Hausa a Insha'in Ingilishi

Malamin Ingilishi a Ruwan Bore, kamar takwarorinsa na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, yakan gyara insha'i ne ta hanyar cusa kalmar da ta ɓace da jan alƙalami. Wannan hanya tana gyara takarda, amma ba ta gyara ɗalibi, domin ba ta tambayar inda kuskuren ya samo asali.

A ɗauki misalin ɗalibin da ya rubuta: "My father went Gusau. Sun was hot." Wato mahaifinsa ya tafi Gusau, rana kuma ta yi zafi. Malami zai ƙara "the" kafin "sun", wataƙila ya gaya wa ɗalibi cewa ai ita ce -n ko -r ta Hausa. A nan ne gizo ke saƙa. Madanganci a Hausa yawanci yana nuni ne ga abin da aka riga aka ambata: an ga wata mota, sannan motar ta tsaya. Bahaushe yakan ce rana ta fito, sarki ya iso, ba tare da madanganci ba, domin kowa ya san su. Ingilishi kuwa a irin wannan muhalli ne yake wajabta "the". Ke nan ɗalibin ya bi ƙa'idar harshensa sau da ƙafa, kuma bayanin malam ya ƙara ɗaure masa gindi. Abin da yake bukata shi ne jeren jimloli na harsunan biyu kafaɗa da kafaɗa, inda suna yake sananne ba tare da an ambace shi a baya ba.

Batun "went Gusau" mai sauƙi ne: aikatau na motsi a Hausa ba ya neman harafi kafin sunan wuri.

Sai dai bayan an yi wannan gyara, ɗalibin yakan dawo da "went to home". Robert Lado, a 1957, ya ɗora alhakin yawancin wahalar mai koyo a kan bambancin harshen uwa da baƙon harshe, amma wannan kuskure bai shiga ma'auninsa ba, tun da Hausa cewa take ya tafi gida, babu harafi. Gyaran malam ne ɗalibi ya faɗaɗa fiye da kima. Pit Corder ya fi kusa da gaskiya a 1967, da ya ɗauki kuskure a matsayin shaidar ƙa'idar da mai koyo yake ginawa. Hanyar rarrabewa ita ce a mayar da jimlar Hausa kalma da kalma. In ta zauna daram, ana iya zargin katsalandan. In ta ƙi zama, sai malami ya koma ya duba abin da shi kansa ya koyar a makon jiya.