Jinjina ga masu tankaɗe hujjar lissafi

A fagen lissafi akwai mutanen da aikinsu shi ne su karɓi daftarin hujja su bi shi layi-layi, suna tambayar kowace jimla daga ina ta fito. Inda marubuci ya ce "a fili yake", nan suke yada zango.

Ko Euclid bai tsira daga hannunsu ba. A hujjar farko ta littafinsa, yana son gina alwatika mai gefuna daidai a kan layin AB. Ya zana da'ira daga A ta ratsa B, ya zana wata daga B ta ratsa A, ya kira mahaɗarsu C. To, wa ya ce sun haɗu? Zane ya nuna haka, amma babu ƙa'idarsa ko ɗaya da ta tabbatar. In tsawon AB ɗaya ne, tsayin C zai zama √3/2, adadin da ba ya rubutuwa a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata. A filin da ɗigonsa duk masu rubutuwa haka ne, da'irorin za su wuce juna ba mahaɗa. Irin wannan giɓi ne David Hilbert ya zauna ya cike a 1899.

Hujjar da ta jingina da abin da take son tabbatarwa ta fi giɓi wuyar kamawa. A 1663 John Wallis ya kawo hujjar ƙa'idar Euclid ta biyar, bisa ɗaukar cewa kowace alwatika ana iya faɗaɗa ta ba tare da kusurwoyinta sun sauya ba. Masu bin diddigi suka gano wannan zaton ƙa'idar ce da kanta ta sake riga.

Duk wanda ya gama daftari, ya nemi irin waɗannan mutane kafin ya kai shi mujalla.