Waƙafi, Lamba da Gajeren Suna: Ƙa'idar Gida a Rubutun Ƙungiya

Ƙa'idojin rubutun Hausa sun daɗe ana yi musu zama. Hanns Vischer ya fitar da nasa a 1912, Hukumar Harshen Hausa ta zo a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980. Akasarin abin da aka tsayar a waɗannan zama ya shafi haruffa ne da rabon kalmomi: ƙ da ɗ da ɓ, da inda za a haɗa, da inda za a raba. Shi ya sa malamin Hausa zai gaya maka kai tsaye cewa "ya na zuwa" kuskure ne. Amma tambaye shi ko "naira dubu 50" za ka rubuta ko "₦50,000", sai ya ce ya danganta. Gaskiya ya faɗa. Ya danganta da gidan da ake rubutun, kuma a nan ne takardar ƙa'idar gida take shigowa: shafi ɗaya ko biyu da ƙungiya ko jarida ko ofis ke rubutawa don duk masu riƙe mata alƙalami su bi hanya guda a wuraren da harshe ya bar zaɓi.

Mu ɗauki misali daga Jalingo. A ce ƙungiyar 'yan kasuwa ce a Sintali, mutum uku ke yi mata rubutu. Sakatare na rubuta bayanin taro, ma'aji na rubuta rahoton kuɗi, wani matashi kuma na shirya sanarwar da za a kai gidan rediyo ko a karanta bayan sallar Juma'a. A gari irin Jalingo, inda Bafulatani da Mumuye da Jukun Kona da Bahaushe ke haɗuwa a kan Hausa, wani a makaranta ya koyi rubuta ta, wani kuwa a kunne ya ɗauka, ya ɗora mata tsarin Ingilishin da ya saba rubutawa a ofis. Idan ƙungiyar ta ga takardunta sun sha bamban, abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗauko ƙa'idar wani gidan Turawa a fassara. Ni a ganina wannan shi ne babban kuskure, domin takardar Turawa tana amsa tambayoyin da Hausa ba ta yi ba, ta tsallake waɗanda take yi.

Dubi waƙafin jeri. Ingilishi na jera abubuwa da waƙafi, ya ajiye kalmar haɗi sau ɗaya tak kafin na ƙarshe, don haka gardamarsu ita ce ko a sa waƙafi kafin wannan kalmar ko a bari. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford da littafin salo na Chicago suna sawa, kamfanin dillancin labarai na AP ba ya sawa a jeri mai sauƙi. Ba kuma gardamar banza ba ce a wurinsu: a 2017 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba direbobin kamfanin madara na Oakhurst, a jihar Maine, gaskiya a kan kuɗin ƙarin lokaci, saboda rashin waƙafi ɗaya ya sa jerin ayyuka a cikin dokar jihar ya ɗauki ma'ana biyu. A 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.

Hausa ba haka take jeri ba. Kowane abu da nasa "da": gero da dawa da masara, wani lokaci ma har a gaban na farko, da gero da dawa da masara. Wanda ya rubuta "gero, dawa da masara" tsarin Ingilishi ya sa wa kalmomin Hausa, kuma mai karanta sanarwa a rediyo zai ji harshensa na neman "da" ɗin da aka cire. Saboda haka layin farko a takardar ƙungiyarmu ya kamata ya ce: jerin sunaye da "da" ake yin sa, ba waƙafi. Jerin aikatau kuwa akasin haka ne, waƙafi ne kaɗai ke raba shi: an taru, an tattauna, an watse.

Inda waƙafi ke da aiki na gaske shi ne inda "da" ta yi yawa har ta rikita kanta. A ce sakatare ya rubuta cewa an kafa kwamitocin kuɗi da tsare-tsare da lafiya da tsafta da ilimi. Kwamiti nawa ke nan? Mai karatu zai ƙirga biyar, alhali uku aka kafa a taron. Idan ya rubuta "kuɗi da tsare-tsare, da lafiya da tsafta, da ilimi", magana ta fita, kuma ka lura "da" ba ta tafi ba, waƙafin ne ya tsaya a gabanta. Ƙa'idar ke nan: a sa waƙafi kafin "da" idan ɗaya daga cikin abubuwan da ake jerawa yana da tasa "da" a ciki, ko kuma ya yi tsawo. Akwai kuma wurin da waƙafin kansa ke jawo rikici. "Shugaba, limamin unguwa, da ma'aji sun sa hannu" na iya nufin mutum uku, na iya nufin mutum biyu idan shugaban shi ne limamin. A takardar da ta shafi wanda ya sa hannu a kan kuɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babu alamar da za ta gyara shi sai sake gina jimlar: "shugaba, wanda shi ne limamin unguwa", ko kuma "shugaba da limamin unguwa da ma'aji".

Lambobi sun fi wannan haɗari. AP na rubuta ɗaya zuwa tara da kalmomi, Chicago na kai wa ɗari, kuma dukkansu na hana fara jimla da alƙalumma. Wannan hani na ƙarshe kusan bai shafe mu ba, tunda a Hausa abin da ake ƙirgawa ne ke gaba: mutum 40 sun halarta. Kwafe shi a takardar gida ɓata layi ne. Iyakar da ta dace da mu ita ce goma, don daga nan ne "sha" da "da" ke shigowa lamba ta fara tsawo. Ɗaya zuwa goma da kalmomi, daga 11 da alƙalumma, ban da kuɗi da awo da kwanan wata, waɗanda kullum alƙalumma ne: ₦5, kilo 3, 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba.

Matsalar da babu littafin Turawan da zai hango mana ita ce ta dubu. Ma'aji ya rubuta cewa an tara "naira dubu ɗari biyu da hamsin". Nawa ne? Yawancin mutane za su ji ₦250,000, amma kalmomin nan daidai suke ɗaukar ₦200,050, kuma bambancin ya kai ₦49,950. A baki ana warware wannan da maimaitawa: dubu ɗari biyu da dubu hamsin, ko kuwa dubu ɗari biyu da naira hamsin. Takardar gida sai ta mayar da wannan ɗabi'ar baki ta zama doka. A rahoton kuɗi da rasit, alƙalumma cikakku ne tushe. Idan za a bi su da kalmomi, to a maimaita "dubu". Sanarwar da za a karanta da murya kuwa ta fi son gaurayen da gidajen rediyo suka saba, naira dubu 250 ko miliyan 2, don mai karantawa ba zai tsaya ƙirga sifili ba. Abin da za a haramta shi ne haɗa biyun, "naira dubu 250,000", wanda hannu kan rubuta ba da niyya ba, kuma a zahirinsa naira miliyan 250 yake nufi.

Taraba na iyaka da Kamaru, don haka ƙungiyar da ke cinikin ƙetare za ta gamu da takardun da aka rubuta a tsarin Faransanci, inda waƙafi ke yin aikin ɗigon da ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta. A can 2,5 biyu da rabi ne. Haka abin yake a Maraɗi da Damagaram, inda kuma ake ƙirga sefa da dala, kowace dala sefa biyar, ta yadda dala ashirin ke nufin sefa 100. Layi ɗaya ya isa: a rubuta adadin da ke jikin kuɗin, da sunan kuɗin.

Gajerun sunaye ba su da wuyar sha'ani haka. A rubuta cikakken suna a karon farko, gajeren ya biyo baya, daga nan a ci gaba da shi. INEC da NAFDAC a bar su yadda kowa ya san su, ba ɗigo tsakanin haruffa. MDD kuwa ido kawai take yi wa aiki, ba wanda ke furta ta, saboda haka a sanarwar rediyo Majalisar Ɗinkin Duniya za a rubuta. Abin da ya kamata a tsayar shi ne jinsi: "INEC ta ce", domin hukuma ce, amma "CBN ya ce", domin banki ne. Sai laƙabi, a zaɓi Alhaji ko Alh., Malam ko Mal., a tsaya a kai. Ni na fi son cikakke, don haruffa uku ba su kai a yi rowarsu ga dattijo ba. Haka addu'ar da ke bin sunan Annabi: wasu gidajen na rubuta SAW, wasu malamai ba sa son a gajarta salati ko kaɗan. Wannan ba hukuncin sakatare ba ne, shugabannin ƙungiya za su yanke, a rubuta sau ɗaya, a daina tayar da shi a kowace takarda.

Hanyar haɗa takardar ita ce a baje rubuce-rubucen ƙungiyar na baya a kan tebur, a ja layi ƙarƙashin duk inda marubuta biyu suka saɓa, a yanke hukunci a kan waɗannan kawai, kowane hukunci da misalinsa ɗaya. A sa mata kwanan wata, a damƙa ta ga mutum guda da zai riƙa ƙari. Tana da iyaka kuma: wasiƙar da aka kwafo daga wata hukuma ba a taɓa ta, haka sunan da ƙungiya ta yi rajista da shi a banki, ko da ya saɓa wa ƙa'idar gida.

Sai a yi hattara da gyaran kwamfuta. Wanda ya danna `Ctrl+H` don ya maye gurbin kalma a takarda duka zai tarar neman "ɗari" bai kamo "dari" da wani ya buga a wayar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa ba, sai a duba kowanne daban. Shi ya sa ƙarshen takardar ke buƙatar jerin sunayen da ba a taɓawa. Mazaɓun Sintali A da Sintali B su shiga ciki, don a daina rubuta su yau da alamar zance gobe babu. Garin Mutum Biyu na ƙaramar hukumar Gassol ma ya shiga, domin a rahoton ƙidaya inda aka yarda a mayar da duk lambobi alƙalumma, gyaran kai-tsaye zai aika motar kayan ƙungiya zuwa Mutum 2.