Akawun da ke aiki bayan an kulle shago

Tun daga farkon 2023, lokacin da sauya fasalin Naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, ciniki a kasuwannin Kano ya sauya kama. Ɗan kasuwar da a da ba ya yarda sai ya ƙirga kuɗi da hannunsa, yau ga lambar asusunsa ta OPay ko Moniepoint ko PalmPay manne a ƙofar shago. Sauƙi ya samu, amma ya zo da nasa aikin. Yanzu kowane ciniki yana rubuce a wuri biyu: a littafin shago, inda yaron shago ya ce an saya an biya, da kuma bayanin asusu, inda kamfanin ya ce kuɗi sun shigo. Haɗa waɗannan biyun layi da layi, kowane dare, ba tare da mutum ya zauna a kai ba, sana'a ce da nake jinjina wa masu ita, domin ta haɗa basirar akawu da ta mai rubuta manhaja.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka tara jimla ne kawai a nan da can, a duba ko sun zo ɗaya. Gwani ya san jimla tana ɓoye abubuwa. Bari mu ɗauki misalin wani shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa, a wata rana cikin 2025. Littafi ya nuna ciniki 64 da aka biya ta taransfa, jimlarsu Naira 1,842,500. Bayanin asusu ma ya nuna shigar kuɗi sau 64, amma jimlarsu Naira 1,813,100. Giɓin Naira 29,400 ke nan. Maigidan da ya tsaya a nan zai kwana yana neman ciniki ɗaya na 29,400, kuma ba zai same shi ba, domin babu shi. Matsaloli huɗu ne daban-daban suka cakuɗe suka haifi wannan adadi.

Aikin yana farawa ne bayan sha biyun dare, lokacin da ranar ta cika. A kwamfutar da ke ɗauke da manhajar ana ba agogon aiki, wato `cron`, umarni irin wannan, wanda ke nufin kullum da ƙarfe sha biyu da rabi na dare:

```
30 0 * * * python3 daidaita.py
```

Manhajar takan ɗauko cinikin ranar daga littafin shago, sannan ta ɗauko bayanin asusu, ko kai tsaye daga kamfanin ko ta fayil irin na CSV. Kafin ta kwatanta komai, sai ta fara tambayar ko bayanin da ta samu cikakke ne. Hanyar sani tsohuwa ce a wurin akawu: abin da aka kwana da shi, a ƙara abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, dole ya ba da abin da ya rage. A shagon namu an wayi gari da Naira 212,000, aka samu 1,813,100, aka tura wa dila 1,500,000, haraji ya ci 1,900, saura 523,200. Idan abin da asusu ya nuna a ƙarshen rana ya saɓa wa wannan, to wani layi ya salwanta wajen ɗauko bayanin. Manhaja mai kyau takan tsaya nan ta sanar, don kada ta ce wani bai biya ba alhali takardarta ce ta yage.

Daga nan sai gyaran bayanai, kuma a nan ake gane wanda ya taɓa ƙonewa. Kuɗi ana mayar da su kwabo ne, a riƙe su cikakkiyar lamba, domin kwamfuta ba ta riƙe ɗigon lissafi daidai: a Python, `0.1 + 0.2` yana ba da `0.30000000000000004`, kuma wannan ɗan ɓurɓushin ya isa ya sa adadi biyu da suke ɗaya su ƙi haɗuwa. Sai kuma lokaci. Yawancin manyan kwamfutocin intanet suna bin agogon duniya ne, UTC, wanda Najeriya da Nijar suke gaba da shi da awa ɗaya, Gana kuwa take daidai da shi. Alamar an manta da wannan ba ta ɓuya: za ka ga kusan duk cinikin da ake haɗawa ta lokaci sun ƙi haɗuwa, kuma tazarar kowanne da kuɗinsa wajen minti sittin ce.

Bayan haka ake shiga tankaɗe da rairaya, daga hujja mafi ƙarfi zuwa mai rauni. Zagaye na farko na lambar shaida ne. Taransfar da ta bi ta tsarin NIBSS daga wani banki zuwa wani tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 30, wadda ake gani a rasit da sunan Session ID, ta cikin kamfani ɗaya kuwa tana da tata lambar. Ba wanda zai kwafi alƙaluma talatin kwastomomi na tsaye, don haka ake koya wa yaron shago ya rubuta shida na ƙarshe. Idan su da adadin kuɗin suka zo ɗaya, magana ta ƙare. A ranar da muke dubawa, ciniki 41 sun wuce ta wannan ƙofa.

Zagaye na biyu na waɗanda ba a rubuta musu lamba ba ne. Ana neman kuɗin da adadinsu ya yi daidai da cinikin, kuma suka shigo cikin minti goma kafinsa ko bayansa, da sharaɗi ɗaya mai tsauri: ya zama ciniki ɗaya ne tak ke neman kuɗin, kuɗin ma ɗaya ne tak. Wannan ya kwashe 18. Zagaye na uku ya kama wani cinikin shinkafa na Naira 48,000 da aka biya kashi biyu, 30,000 da 18,000, daga suna ɗaya, minti uku tsakani. Saura ciniki huɗu a littafi da shigar kuɗi uku a asusu.

A kan waɗannan ragowar ne gwanintar take. Na farko, akwai ciniki biyu na Naira 7,500, ɗaya da ƙarfe 2:10, ɗaya da 2:14, amma 7,500 ɗaya ce ta shigo, da ƙarfe 2:12. Manhajar da aka rubuta da gaggawa za ta liƙa kuɗin ga na farko ta wuce, ta bar na biyu da sunan wanda bai biya ba, alhali wataƙila shi ne ya biya. Ta gwani ba ta zaɓa. Takan ajiye ukun gefe ta ce, ga biyu suna neman ɗaya, a duba sunan mai turowa. Mai yiwuwa alat na bogi aka nuna wa yaron, mai yiwuwa ciniki ɗaya ya rubuta sau biyu. Ba aikin na'ura ba ne ta yanke wannan hukunci.

Na biyu, littafi ya ce 25,400, asusu ya ce 24,500, kuma lokacinsu ɗaya. Bambancin 900 ne. Tsofaffin akawu sun san cewa duk lokacin da aka juya alƙaluma biyu, bambancin yakan rabu da tara ba saura, sai mai manhajar ya dasa wannan sani a cikinta, ta riƙa cewa da alama an juya lamba. Wanda ya juya ɗin, ko mai rubutu ko mai turo kuɗi, farashin kayan ne zai nuna. Na uku, cinikin Naira 36,000 da ƙarfe 5:40 na yamma, kwastoma ya nuna an cire masa, amma kuɗi ba su iso ba. Irin wannan ba a rufe shi, ana ɗaga shi ne zuwa daren gobe, manhajar ta sake nemansa, tana ƙirga masa kwanaki. Idan ya iso da safe, ya haɗu da cinikinsa na jiya. Idan ya haura kwana biyu, lokacin kiran kwastoma ya yi, domin taransfar da ta gaza takan koma wa mai ita. Na huɗu, Naira 15,000 ce ta shigo ba ciniki, kuma sau da yawa irin wannan wani ne ya rage bashi, ko an sayar an manta ba a rubuta ba.

Yanzu a haɗa: 7,500 da 900 da 36,000 sun zama 44,400 da ba a gani ba, a cire 15,000 da ta shigo ba a san dalilinta ba, saura 29,400. Giɓin ya fito da asalinsa har kwabon ƙarshe, kuma wannan shi ne ma'aunin da manhajar ke gwada kanta da shi kafin ta aika rahoto.

Akwai ƙa'idojin da ba sa fitowa a rana ɗaya, amma su ke raba aikin da zai daɗe da wanda zai lalace. Caji da haraji suna sauyawa. Harajin Naira 50 a kan taransfar Naira 10,000 zuwa sama ya shafi asusun irin waɗannan kamfanoni a ƙarshen 2024, ana cire shi daga mai karɓa, shi ne 1,900 ɗin can na shigar kuɗi 38. Daga Janairun 2026 ya koma kan mai turawa. Gwani yakan rubuta kowace ƙa'ida da ranar da ta fara aiki, don in an koma lissafin bara a yi shi da dokar bara. Haka nan yakan tabbatar ko an kunna manhajar sau biyu a dare ɗaya ba abin da zai ninka, domin lambar shaidar da aka riga aka adana ba ta sake shiga. Kuma rahoto yana zuwa wayar maigida kullum, ko da abin da zai ce shi ne komai lafiya, saboda shiru ya zama alamar cewa aikin bai gudana ba.

Sana'ar tana da iyaka, masu ita kuma ba sa ɓoyewa. Idan an sayar da katan ɗin taliya ba a rubuta ba, kuɗin kuma aka tura asusun wani, littafi da asusu duka za su yi shiru, lissafi ya fito tsaf. Ƙirgar kaya ce kaɗai ke kama wannan. Tsabar kuɗi ma da nasu lissafin daban.

Duk da haka, abin da take saya wa shago ya fi Naira 29,400. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma giɓin da ba a san asalinsa ba a kan yaron shago yake faɗawa, domin shi ne a kusa. Idan aka bar shi har ƙarshen wata, ba mai tuna wanda ya sayi man gyaɗa da ƙarfe biyun wata Talata. Amma idan maigida ya iso da safe da layi huɗu a wayarsa, tambayarsa takan zama, "Wa ya sayi na 7,500 ɗin nan jiya bayan azahar?" Yaron zai iya amsawa, "Alhaji, mai shayin bakin titi ne, bari in kira shi." Tambaya ce da ke da amsa, an yi ta tun ba a manta ba, kuma ba ta taɓa mutuncin kowa ba.