Yadda ake tabbatar da wuyar neman gungu

Ka zana ɗigo da yawa a takarda, ka haɗa wasunsu da layi. Tambayar da masana lissafin kwamfuta ke kira kilik ita ce: shin akwai ɗigo guda k da kowane biyu a cikinsu layi ya haɗa su? Mu kira wannan gungu. Malalaci zai ba kwamfuta ta yi ta gwaji, in ta daɗe ya ce abin da wuya. Wannan ba hujja ba ce, domin wataƙila hanyarsa ce ba ta da kyau. Gwani kuwa aron wuya yake yi daga matsalar da aka riga aka san taurinta.

A 1971 Stephen Cook ya nuna cewa duk wata matsala ta ajin NP, wato wadda ake iya duba amsarta da sauri in an kawo ta, ana iya mayar da ita matsalar SAT. A 1972 Richard Karp ya ɗora a kan haka da matsaloli 21, gungu na cikinsu. A SAT ana ba ka sassa, kowane sashe yana ɗauke da haruffa ko kishiyoyinsu, sai a tambaye ka ko za a iya ba kowane harafi gaskiya ko ƙarya yadda kowane sashe zai sami aƙalla abu ɗaya mai gaskiya. Ga misalin irin wannan jimla:

```
(x ∨ y) ∧ (¬x ∨ y) ∧ (¬x ∨ ¬y)
```

Alamar ∨ tana nufin "ko", ∧ tana nufin "kuma", ¬x kuwa kishiyar x ce: in ɗaya gaskiya ce, ɗayar ƙarya ce.

Gwani zai fara da yi wa kowane harafi ɗigo a duk sashen da ya fito. Sassa uku, biyu-biyu, ɗigo shida ke nan, kuma y na sashe na ɗaya dabam yake da y na sashe na biyu. Sai jan layi, da sharaɗi biyu kacal: ɗigon biyu su kasance daga sassa dabam-dabam, kuma kada su zama kishiyoyin juna. A misalinmu layi takwas za su fito. Daga ƙarshe ya sa k ya zama yawan sassan, wato 3.

Yanzu a nemi gungun. Ɗauki x na sashe na ɗaya. Layinsa biyu ne, zuwa y na sashe na biyu da ¬y na sashe na uku, su kuwa waɗannan ba layi a tsakaninsu, hanya ta toshe. Koma kan y na sashe na ɗaya: yana haɗe da ¬x na biyu da ¬x na uku, su ma suna haɗe da juna. Gungu ya samu, kuma amsar SAT na rubuce a jikinsa: y gaskiya, x ƙarya.

Misali ɗaya bai isa ba, sai an kafa hujja gaba da baya. In jimlar tana da amsa, ɗauko abu ɗaya mai gaskiya daga kowane sashe. Abubuwa biyu masu gaskiya ba za su zama kishiyoyi ba, don haka duka suna haɗe, gungu ne mai ɗigo k. In kuma gungun aka fara samu, tunda babu layi a cikin sashe guda, dole ɗigonsa ɗaya-ɗaya ne daga kowane sashe. Ba su gaskiya duka, ba za a yi karo ba, domin babu kishiyoyi a cikinsu. Harafin da gungun bai taɓa ba, a ba shi abin da aka ga dama. A ganina wannan komawa baya ita ce inda gwanintar take, nan ake ganin amfanin kowane sharaɗi.

Ginin ma ba ya cin lokaci: in ɗigo n ne, ma'auratan da za a duba ba su kai n² ba. Saboda haka duk hanyar da ke gano gungu da sauri za ta warware SAT da sauri, da duk ajin NP a bayanta. A lura dai, k yana girma tare da jimlar. In an tsayar da shi a 3, a gwada ɗigo uku-uku kawai, ba wata wahala.

Ɗalibai kan juya alkiblar, su mayar da gungu zuwa SAT, wanda bai nuna wuyar gungu ba ko kaɗan. Wasu kuma sukan manta da sharaɗin farko, sai su ja layi a cikin sashe guda. Ƙara sashe na huɗu, (x ∨ ¬y), jimlar ta rasa amsa gaba ɗaya. Mai wannan kuskure zai haɗa x da y na sashe na ɗaya, da y na biyu, da x na huɗu, ya sami gungun huɗu na bogi wanda ya tsallake sashe na uku. Ka zana ɗigon takwas da sharaɗin daidai, ka nemi gungun huɗu da hannunka, ba za ka same shi ba.